A ɗakin uwargida lafiya lau, a ɗakin amarya shiru: sammu ne ko fargaba?

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa ya turo mini wannan ta bayan fage, ya ce a ɓoye sunansa. Don Allah a yi magana da mutunci, akwai iyayenmu mata a zauren nan. Ga saƙonsa:

"Shekarata 39, ina kasuwanci a Kantin Kwari. Shekara goma sha ɗaya ina tare da matata, 'ya'yanmu huɗu, ban taɓa samun matsala a shimfiɗa ba. Sati bakwai da suka wuce na ƙara aure, budurwa. Daren farko sai wajen ƙarfe ɗaya abokai suka watse, ga shi na kwana uku ban yi barcin kirki ba saboda hidimar biki. Da na kusance ta gabana ya miƙe, amma ana zuwa lokacin sai ya kwanta. Na ce gajiya ce. Washegari haka. Har kwana bakwai ɗin suka ƙare ban iya komai ba. Da na koma ɗakin uwargida komai lafiya lau kamar da. Yanzu kwana biyu-biyu muke yi, kuma duk ranar girkin amarya tun daga la'asar zuciyata ke bugawa a shago. Na sha maganin gargajiya kala uku, ba canji. Abin da ya tayar mini da hankali, satin da ya wuce ya faru a ɗakin uwargidan ma, sau ɗaya. Yayata ta ce uwargida ce ta kulle ni. Ni ban san abin da zan yarda da shi ba."

Alhaji Sabo: Wa'alaikumussalam. Ai wannan a fili yake. Cuta ba ta san ɗaki ba. In da ciwo ne a jikinka, da a ko'ina zai kama ka. Abin da yake zaɓar ƙofa, ya bar wannan ya shiga waccan, akwai hannu a ciki. Ban ce uwargida ba ce, Allah ne masani, amma ka nemi malami na gari a yi maka ruƙiyya.

Usman mai kemis: Alhaji, kullum irin waɗannan angwayen suna zuwa wajena. Sildenafil miligiram 50, awa ɗaya kafin ya shiga ɗaki, magana ta ƙare. Ba sai an ɗaga hankalin gida ba.

Sadik Ɗorayi: Ni ma ina fama da irin wannan, minti ɗaya ba na kaiwa na kawo. Wane magani ne yake sa a daɗe?

Mai kula da zaure: Sadik, taka daban ce, saurin kawowa ke nan. Shi nasa miƙewar ce ba ta tsayawa. Ka turo taka daban a buɗe mata zance.

Dakta Bashir: Assalamu alaikum. Alhaji Sabo, rabin maganarka ita ce abin da mu ma muke dubawa a asibiti. Gaskiya ne, in jijiyoyin jini ne suka lalace ko ciwon suga ya ci jijiya, matsalar ba ta zaɓar ɗaki. Tana zuwa a hankali, wata da watanni, kuma duk inda mutum ya je tana biye da shi. Inda muka rabu shi ne, akwai wani abu ban da sammu da ya san ƙofa sarai, wato tsoro. Mutum zai iya jin tsoron ɗaki ɗaya bai ji na ɗayan ba.

Bari in faɗi yadda abin yake aiki, don in an gane wannan sauran duk zai zo da sauƙi. Yawancinmu muna ɗauka miƙewar gaba kamar ɗaga buhu ce, a tattara ƙarfi a yunƙura. Akasin haka ne. A cikin mazakuta akwai wasu gidaje biyu masu kama da soso, kewaye da ƙananan tsokoki waɗanda a yawancin yini a matse suke, shi ya sa jini kaɗan ke shiga. Idan sha'awa ta motsa kuma hankali na kwance, jijiyoyi sukan saki wani sinadari, naitirik okisaid, wanda ke sa tsokokin nan su saki jiki. Da sun saki sai jini ya kwararo ya cika soson, cikar kuma ta danne hanyoyin da jinin zai bi ya fita. Ashe ke nan miƙewa sakin tsoka ce, ba ɗaurewa ba.

To shi tsoro, aikinsa ɗaurewa. Ka tuna ranar da ɗan adaidaita ya yanko kanka kana tsallaka titi: zuciya ta buga, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi. Adirenalin ne da ɗan'uwansa suka zubo, don su shirya jiki ya gudu ko ya kare kansa. Waɗannan sinadaran su ne dai suke matse tsokokin mazakuta. Jiki bai san bambancin tsoron mota da tsoron jin kunya gaban amarya ba. Duk wanda ya shiga ɗaki zuciyarsa na bugawa tun la'asar, ya shiga ne da abin da ke kwantar da gaba a cikin jininsa.

Ɗan'uwa mai tambaya, ka amsa mini abu uku ta hannun mai kula da zaure. In ka farka da asuba kana samun gabanka a miƙe? Kana shan wani magani kullum, na hawan jini ko wani, ko tiramol, ko sigari? Sannan a daidai lokacin da abin yake kwantawa, me ke cikin ranka?

Mai kula da zaure: Ga amsarsa: "Da asuba kusan kullum ina tashi da shi a miƙe sosai, har a ɗakin amaryar. Amma da na tuna na ce bari in yi amfani da damar, kafin in juya ya tafi. Ba na shan komai, ko sigari. Abin da ke raina kuwa, ina ta dubawa ne, ya tsaya ko bai tsaya ba, ya kai ko bai kai ba. Wani lokaci har hannu nake kaiwa in taɓa in ji. Kuma gida ɗaya suke, ina tunanin uwargida ta lura ba a jin motsin ruwan wanka da asuba daga wancan ɓangaren."

Dakta Bashir: Madalla, ka ba da amsar da kanka. Lafiyayyen namiji gabansa yana miƙewa kamar sau uku zuwa biyar a dare, a lokacin barcin da ake mafarki, ko ya sani ko bai sani ba. Na asuba shi ne na ƙarshe da ka riska. Wannan yana nuna jini na shiga, jijiya na kai saƙo, soson na riƙe jini. A gadon amaryar ma yana faruwa, muddin kai mai gadin kana barci. Da ka farka ka tsaya a kansa, sai ya tafi.

Ga yadda nake karanta labarinka. Daren farko gajiya ce tsagwaronta, kamar yadda ka zata. Kwana uku ba barci, ga kashe kuɗi, ga mace sabuwa wadda ita ma a tsorace take. Wannan yana faruwa da kusan kowane namiji wani lokaci a rayuwarsa, kuma da an bar shi da ya wuce. Amma ka kwana da tambayar "in ya sake fa?" Dare na biyu ba wajen matarka ka je ba, jarrabawa ka je zaunawa. Tsoron ya kawo abin da ake tsoro, faɗuwa ta biyu ta zama hujjar cewa lallai akwai matsala, dare na uku tsoron ya ninka. Kwana bakwai a jere ba hutu, kowane dare yana ƙara wa na bayansa nauyi.

Shi kuma wannan dubawar da kake yi, wasu masana biyu a Amurka, Masters da Johnson, sun bayyana shi tun 1970: mutum ya fita daga jikinsa ya koma ɗan kallo, yana sa wa kansa maki. Hankali ba ya zama wuri biyu. In yana kan auna miƙewa, ya bar ƙamshinta da ɗuminta da muryarta, alhali su ne makamashin da ke riƙe miƙewar. Kamar barci ne a daren da za ka yi sammakon tafiya. Duk yadda ka matsa wa kanka sai ka yi barci, haka idonka ke ƙara bushewa.

Abin da ya faru a ɗakin uwargida satin da ya wuce shi ma ba baƙo ba ne. Tambayar ce ta bi ka can. Shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa dubawa ba a ɗakinta, ranar nan ka duba.

Alhaji Sabo: Dakta, na ji bayaninka. Amma sihiri gaskiya ne, yana cikin Alƙur'ani, har da raba miji da mata. Ku likitoci komai sai ku ce tunani.

Malam Habibu: Alhaji, babu mai musun samuwar sihiri. Amma samuwarsa daban, ɗora shi a kan wata baiwar Allah ba hujja daban. Yayarsa ta ambaci uwargida, wannan zato ne, kuma an hane mu da yawan zato. Ya yi azkar ɗinsa, ya karanta Falaƙi da Nasi ya shafa, ba wanda ya hana, kuma ba ya cin karo da abin da Dakta yake faɗa. Ni bayanin Dakta ya tuna mini da abin da muke gani a masallaci. Yaro ya haddace sura tun yana ƙarami, yana karanta ta a sallarsa kullum ba gargada. Ranar da aka tura shi gaba ya ja jam'i, sai ya sarƙe a aya ta uku. Ba haddar ce ta gudu ba, sauraron kansa ya koma yi.

Sannan wani abu da zai rage masa zullumi: a mazhabarmu ta Malikiyya, mijin da ya kasa kusantar matarsa, in ta kai ƙara, shekara guda ake ɗibar masa ya nemi magani kafin a yi maganar rabuwa. Shi sati bakwai ne kawai. Malaman da suka gabata ma sun san abin yana zuwa ya wuce.

Maman Hanif: Ku gafarce ni, iyayena da yayyena, zan sa baki duk da nauyin maganar. Duk kuna ta magana a kan jikinsa, ba wanda ya tambayi halin da yarinyar nan take ciki. Ni abin ya faru a gidana bayan haihuwata ta biyu. Maigidana ya kasa sau biyu, daga nan ya ɗauke ƙafa. Sai ya kai sha biyun dare a majalisa, in ya shigo ya juya mini baya, ko hannuna ba ya riƙewa. Wallahi ban taɓa kawo cewa tsoro yake ji ba. Abin da na ɗauka shi ne jikina ya canja ya daina sha'awata, ko yana neman wata. Na kashe kuɗi a kayan mata, na yi ta kwalliya ina matsa masa, ashe ƙara masa wuta nake yi, don duk daren da ya ga na shirya sai ya ga ranar jarrabawa ce. Wata huɗu muka yi a haka. Ranar da ya buɗe baki ya ce mini "ba ke ba ce, tsoro nake ji kar in sake kasawa," kuka na yi don sauƙin da na ji.

Amaryar nan budurwa ce, ba ta san yadda abin yake ba. Ina tabbatar muku tana can tana tunanin ita ce ba ta yi masa ba, kuma ƙila ƙawaye da 'yan'uwa sun fara tambayarta. In ta gaya wa mahaifiyarta kafin shi ya yi mata bayani, magana ta fita daga ɗaki ke nan.

Dakta Bashir: Maman Hanif, Allah ya saka da alheri, kin kawo ɓangaren da na tsallake. Gujewar nan ita ce ke ɗaure matsalar ta daɗe. Duk daren da ya guje, yana samun sauƙi na ɗan lokaci, amma bai ba jikinsa damar ganin cewa abin zai iya tafiya daidai ba, ita kuma matar tana fassara shirun da mafi munin fassara.

Ɗan'uwa, ga abin da nake ba masu irin matsalarka shawara, kuma ba ya yiwuwa sai da yardar amaryar. Ka zaunar da ita da rana, ba a kan gado ba, ka gaya mata abin da ka gaya mana. Sannan ku yi yarjejeniya: zagaye uku na girkinta, dare shida ke nan cikin kwana goma sha biyu, babu saduwa kwata-kwata, ko da gabanka ya miƙe. Wannan sharaɗin shi ne maganin, don in babu abin da ake jira ya faru, babu abin da za a kasa.

A dare biyun farko ku keɓe kamar minti ashirin zuwa talatin, kuna taɓa juna bi da bi, baya, kafaɗa, hannu, fuska, ƙafa, ban da al'aura da ƙirji. Aikinka kawai ka lura da abin da hannunka ke ji, ɗumi ne, laushi ne, santsi ne. Tunanin "ya miƙe kuwa?" zai zo, tabbas zai zo. Kada ka yi kokawa da shi, ka mayar da hankalinka kan fatar da ke ƙarƙashin hannunka. Zagaye na biyu ku haɗa da sauran jiki, har yanzu ba saduwa. A zagaye na uku akwai abin da nake so ka yi da gangan: in ya miƙe, ku dakata har ya kwanta, sannan ku ci gaba har ya dawo. Sau biyu ko uku a dare. Yanzu a ranka kwanciyarsa na nufin an gama, an faɗi. Kana buƙatar ka gani da idonka cewa yana tafiya yana dawowa, haka yake ga kowa.

Bayan nan ne za ku kusanci juna, a hankali, ba gaggawa. Gaggawar nan ta "bari in yi sauri kafin ya tafi" ita ce ta ci ka da asuba. In an samu tangarɗa, a koma matakin baya, ba a fasa ba. Kwana goma sha biyun nan ba ƙa'ida ba ce, wasu sukan buƙaci fiye da haka.

Malam Habibu: Ta fuskar shari'a babu laifi in da yardarta, haƙƙinta ne kuma don maslaharta ake yi. Kwananta dai ya ba ta cikakke, kada ya ce tunda ba saduwa bari ya koma wancan ɗakin.

Usman mai kemis: Dakta, da girmamawa, wannan doguwar hanya ce. Mutumin da amarya ke jira za ka ce ya yi sati biyu yana shafa kafaɗa? Ƙwaya ɗaya ta yi aiki sau biyu, tsoron ya tafi, shi ke nan.

Dakta Bashir: Malam Usman, ban ƙi taka gaba ɗaya ba. Ni ma nakan rubuta ta ga masu irin wannan matsalar, na ɗan lokaci, kuma sau da yawa tana karya zagayen kamar yadda ka ce. Amma ka san abin da take yi da abin da ba ta yi. Sildenafil ba ta haifar da sha'awa kuma ba ta kunna miƙewa. Saƙon sakin tsokar da na ambata ne take hana shi saurin gushewa. In tsoro ya yi yawa har saƙon bai fito sosai ba, tana iya kasawa. Ka yi tunanin mutumin da ya sha a ɓoye, bayan ya cika ciki da tuwo da miya mai maiƙo, wanda ke jinkirta aikinta, ya shiga ɗaki bayan minti goma sha biyar yana jiran abin mamaki, bai gani ba. Washegari me zai ce? "Har ƙwayar Bature ta kasa, lallai an gama da ni." Ka ga an ƙara masa hujja. Wani kuma ta yi masa aiki, sai tsoron ya koma kan ƙwayar, ranar da babu ita a aljihu ba ya iya shiga ɗaki.

Sannan don Allah kada a miƙa ta ba tambaya. Mai shan maganin ciwon ƙirji irin naitiret, wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe da danginsa, in ya haɗa da ita jininsa na iya faɗuwa har ya halaka. Ba a sha fiye da sau ɗaya a yini. Mai sikila, kuma muna da su da yawa a Kano, sai da likita, saboda haɗarin miƙewar da ba ta sauka. Duk wanda gabansa ya kai awa huɗu a miƙe, asibiti zai nufa a daren, ba sai gari ya waye ba. Ɗan'uwa mai tambaya kuma ka dakatar da na gargajiyan nan uku. An sha gano irin waɗannan haɗe-haɗen da aka zuba musu sildenafil a ɓoye, ba ka san adadin da kake sha ba.

Baba Ɗanladi: 'Ya'yana, ni gargaɗi zan yi daga abin da ya same ni. Shekarata 58. Nawa ya fara ina da 51, aka yi ta ce mini tunani ne, kasuwa ce ta yi nauyi, in kwantar da hankali. Shekara biyu ina kwantar da hankali. Sai da ƙafata ta fara yi mini kamar ana tsira allura, ga yawan fitsari da dare, aka auna aka ga suga ya daɗe a jikina. Kada ku sa yaron nan ya zauna yana shafa kafaɗa alhali ciwo na cinsa.

Dakta Bashir: Baba, gargaɗinka a kan hanya yake. In tambaye ka, naka dare ɗaya ya zo ko a hankali? Na asuba fa?

Baba Ɗanladi: A hankali, ƙarfin ne ya riƙa raguwa. Na asuba kuwa ya daɗe da ɗaukewa kafin ma in lura.

Dakta Bashir: To ka ga bambancin. Naka ya zo sannu a hankali, a ko'ina, na asuba ya tafi. Nasa ya zo dare ɗaya, a ɗaki ɗaya, na asuba na nan. Duk da haka ina goyon bayanka, ya je a auna shi, don abu biyun suna haɗuwa. Suga ko hawan jini ya rage ƙarfin kaɗan, mutum ya kasa sau ɗaya, tsoro ya ɗora nasa a kai har ya fi asalin ciwon. Kuma jijiyoyin jinin mazakuta sun fi na zuciya ƙanƙanta, shi ya sa raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Mai shekara 39 ya auna hawan jini, ya auna suga da safe kafin ya ci komai. In ya kai 126, ko 7 a ɗaya ma'aunin, sai a maimaita a tabbatar. Kowane babban asibiti a garin nan ana yi, Murtala ko Malam Aminu Kano, har ƙananan ma. Sakamako mai kyau shi kansa yana rage fargaba.

Nura Bichi: Dakta, ni ilimin halayyar ɗan'adam na karanta, akwai inda nake da ja. An ce tsoro ne ke kwantar da gaba, amma binciken David Barlow, wanda ya tattara a 1986, ya nuna maza marasa matsala in an sa su cikin fargaba a ɗakin gwaji, sha'awarsu ba ta raguwa, wani lokaci ma ƙaruwa take. Masu matsalar ne take ragewa. Ke nan ba bugun zuciyar ba ne, inda hankali ya tafi ne. Ai kowane ango zuciyarsa na bugawa, amma ba kowa ke kasawa ba.

Dakta Bashir: Malam Nura, na karɓi gyara, na sauƙaƙa abin fiye da kima. Wani bugun zuciyar yana tura shi wajen matar, wani yana tura shi wajen auna kansa. Amma ba zan sallama cewa adirenalin ba ruwansa ba. Mu a asibiti, in aka kawo wanda gabansa ya ƙi sauka, allurar maganin da ke aiki irin na adirenalin muke yi masa a wurin, ya matse tsokar ya sauka. Ina ganin biyun suna tafiya tare, wanne ya fi nauyi kuma ya danganta da mutum.

Nura Bichi: Na yarda da wannan, sai dai ina jin tsoron mutum ya karanta zancenmu ya koma yana tsoron tsoron kansa, yana cewa "ga zuciyata ta fara, shi ke nan." Gara ya san za ta iya bugawa abin kuma ya tafi daidai.

Mai kula da zaure: Bayan kwana goma sha shida, mai tambaya ya sake turowa:

"Na gode wa kowa. Na auna, suga lafiya, hawan jini 138 bisa 88, an ce in dawo a sake aunawa. Na yi wa amarya magana kamar yadda Maman Hanif ta ce. Ashe har ta fara shan wani abu da ƙawarta ta ba ta, tana zaton daga ita ne. Zagayen farko ya yi mini wuya, ji nake kamar wasan yara. A zagaye na biyu abin ya zo da ƙarfi, muka karya sharaɗin, kuma Alhamdulillahi aka dace. Amma washegari na shiga da tunanin dole in maimaita, sai ya sake kwantawa. Mun koma matakin baya. A ɗakin uwargida bai sake faruwa ba. Tambayata yanzu, yayata ta riga ta faɗa wa mahaifiyarmu zancen kullewa, kuma na ga uwargida ta canja fuska, ina jin ya kai kunnenta. In gaya mata gaskiyar abin, ko in yi shiru?"

Maman Hanif: Ka gaya mata ba ka zarginta, kuma ka faɗa wa Hajiya haka a gaban yayar taka. Amma sirrin ɗakin amarya kada ka kai wa uwargida.

Alhaji Sabo: Ni dai a ganina kada ya buɗe wa mace wannan, wata rana in rai ya ɓaci za ta goranta masa. Kuma har yanzu ban ga abin da ya hana shi yin ruƙiyya ba.

Malam Habibu: Ba wanda ya hana, Alhaji. Amma wanke wadda aka zarga ba hujja wajibi ne a kansa, tunda a gidansa aka yi kuma saboda shi.

Dakta Bashir: Maganar uwargida na bar wa Malam da Maman Hanif, sun fi ni sani. Tangarɗar washegari kuwa, kusan kowa yana yin ta, nasarar farko takan zama sabuwar jarrabawa. Ku ƙarasa zagaye na ukun nan da kuka tsallake, na barin shi ya kwanta ya dawo, shi ne ba ku yi ba. In an ƙara wata guda ana tangal-tangal, ka zo asibiti kai da ita, a nan za mu duba ko a haɗa da ƙwayar na ɗan lokaci. Awon jinin nan kuma kada ka yi wasa da shi, ka koma ranar da suka ce.